Jimlar PivotTable ta saɓa da ta kalkuleta: wa za a gaskata?

*"Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da lissafin cinikin rumbun hatsi na yayana a Excel. PivotTable ya ba ni ₦1,758,000 a cinikin gero na watan Maris 2025. Da na tsamo layukan geron guda 7 na tara da kalkuleta, sai na samu ₦2,395,000. Na danna Refresh har sau biyu, bai canja ba. Wanne zan kai wa Yaya? Ga fayil ɗin nan na haɗo."*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na buɗe fayil ɗin, kuma a wannan karon kalkuletarka ce ke da gaskiya, ₦2,395,000 ɗin shi ne cinikin geron kamar yadda aka rubuta shi a shafin. Amma kada ka ɗauka kullum haka abin yake. Na sha ganin inda mai kalkuleta ne ya tsallake layi, PivotTable kuwa, wato teburin da ke taƙaita jimloli, yana kan daidai. Shi ya sa ba zan tsaya a ba ka lamba ba, zan bi da kai ta hanyar da na bi, domin gobe wani giɓin zai sake ɓullowa, kuma ba lallai ya zo da kama irin ta yau ba.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, Excel ba ya kuskuren tarawa. Idan ka ba shi lambobi huɗu, jimlar huɗun nan zai ba ka ba ƙari ba ragi. Don haka duk lokacin da jimlarka ta saɓa da tasa, kusan ko da yaushe dalilin ɗaya ne: ba layuka iri ɗaya kuke tarawa ba, ko kuma akwai abin da idonka ke gani a matsayin lamba shi kuwa ba haka yake ganinsa ba. Tambayar da za ka yi ba "wa ya iya lissafi" ba ce. Tambayar ita ce, layi nawa ya gani, ni kuma nawa na gani?

Akwai kuma wani hali na PivotTable da mutane da yawa ba su sani ba. Ba shafin cinikinka yake kallo kai tsaye ba. Lokacin da aka gina shi, yakan ɗauki kwafin bayanan ya ajiye a ɓoye cikin fayil ɗin, kuma daga wannan kwafin yake ba da amsa. Idan ka gyara lamba a shafin ciniki, teburin ba zai motsa ba sai ka danna Refresh, ko Alt+F5 kana cikin teburin. Ka riga ka yi wannan, madalla, mun cire zargi ɗaya ke nan. Sai dai Refresh ba ya faɗaɗa gonar da aka shata masa tun farko. Iyakar da aka nuna masa ita yake sake karantawa, ko sau goma ka danna. Za mu dawo kan wannan.

Ƙirga kafin tarawa

Ga layukan nan bakwai kamar yadda na same su a shafinka, da lambar layin kowanne:

| Layi | Kwana | Buhu | Farashi | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|
| 212 | 03/03 | 10 | 62,000 | 620,000 |
| 230 | 07/03 | 4 | 62,000 | 248,000 |
| 251 | 11/03 | 6 | 63,000 | 378,000 |
| 274 | 16/03 | 5 | 63,000 | 315,000 |
| 298 | 21/03 | 3 | 64,000 | 192,000 |
| 333 | 27/03 | 8 | 64,000 | 512,000 |
| 405 | 30/03 | 2 | 65,000 | 130,000 |

Buhu 38 ke nan, kuɗi ₦2,395,000. Giɓin da ke tsakaninka da teburin ₦637,000 ne. Abin da na fara yi, kamar yadda kowane akawu zai yi, shi ne duba ko akwai layi ɗaya da kuɗinsa ya yi daidai da giɓin. Da akwai, da an huta, layi ɗaya ne ya faɗi. Babu. Na raba giɓin biyu, ₦318,500, ko akwai kuɗin da aka sa wa alamar ɗebewa a maimakon ƙarawa, domin irin wannan kuskuren ninki biyu yake fitowa. Shi ma babu. Na raba shi da 9, saboda idan aka juya lambobi biyu wajen bugawa, misali 248,000 ta koma 284,000, bambancin yakan rabu da 9 cif, kamar 36,000 a wannan misalin. Bai rabu ba. Wannan ya nuna min matsalar ta wuce guda ɗaya, sai na bar zancen kuɗi na koma ƙirgen layuka.

Hanyar ba ta da wuya. A cikin teburin, ka danna gidan da ₦1,758,000 take sau biyu a jere. Excel zai buɗe sabon shafi ya jero maka ainihin layukan da ya haɗa ya samar da wannan lambar. Sunan abin Show Details, za ka same shi ma idan ka danna maɓallin dama na linzami a kan gidan. Da na yi haka, layi biyar suka fito: na ranar 3, da 7, da 11, da 21, da 27. Na ranar 16 da na ranar 30 babu su. Kai kana da bakwai, shi yana da biyar.

Sai wani abu ya ƙara ɗaure kai. Idan ka tara biyar ɗin nan da hannu, ₦1,950,000 za ka samu, ba ₦1,758,000 ba. Wato ko a cikin layukan da ya yarda ya gani, akwai wanda bai tara kuɗinsa ba. Bambancin ₦192,000 ne, kuma wannan kam ka san shi, layi na 298 ne. Yanzu giɓin ya fashe gida uku: ₦315,000 da ₦192,000 da ₦130,000. Tara su ka gani, ₦637,000 ne daidai. Ɓarayi uku ne, kowa da ƙofar da ya shigo.

Gargaɗi ɗaya game da shafin Show Details kafin mu wuce. Na ga ma'aikata da yawa suna buɗe shi, su sa SUM a ƙasa, su ga ya yi daidai da teburin, su ce sun tantance. Ba su tantance komai ba. Daga kwafin nan na ɓoye aka fitar da shafin, don haka dole ya yarda da teburin, kamar ka tambayi mutum shaida ya kawo maka ɗan cikinsa. Amfanin shafin shi ne ka ga abin da teburin ya gani. Layukan da za ka gwada shi da su kuwa, daga shafin ciniki na asali za ka tsamo su, ko ma daga rasit.

Layi na 405: iyakar gona

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi ɓarna. Ka danna cikin teburin, ka je PivotTable Analyze, ka zaɓi Change Data Source. A tsofaffin Excel sunan wurin Analyze ko Options. Abin da ke rubuce a naka shi ne:

```
Ciniki!$A$1:$E$400
```

Wanda ya gina teburin ya shata masa layi 400, wataƙila yana ganin za su isa. Cinikinku kuwa ya kai layi na 412. Duk abin da aka rubuta daga 401 zuwa 412 teburin bai san da shi ba, layi 12 ke nan, kuma ɗaya kawai daga ciki ne gero. Sauran 11 na masara ne da dawa da wake da shinkafa. Ka ga kenan ba gero kaɗai aka tauye ba, duk jimlar ƙarshen Maris a tauye take, gero ne kawai Allah Ya sa ka duba.

Yadda na tabbatar da shi tun kafin in buɗe Change Data Source shi ne da fomular SUMIFS, wadda ke karanta shafin kai tsaye ba ta bi ta kwafi ba:

```
=SUMIFS(E:E,B:B,"Gero",A:A,">="&DATE(2025,3,1),A:A,"<"&DATE(2025,4,1))
```

Ta ba ni ₦1,888,000. Lamba ta uku ke nan, ba taka ba, ba ta teburin ba. Ta fi ta teburin da ₦130,000, domin ita ginshiƙin gaba ɗaya na ba ta, ta ga layi na 405. Amma har yanzu ta gaza taka da ₦507,000. Wannan yana da muhimmanci, domin mutane kan ɗauki SUMIFS a matsayin alƙali tsakanin teburi da kalkuleta. Shaida ce mai kyau a kan zancen iyaka da zancen Refresh, amma a kan sauran ɓarayin biyu idonta ɗaya da na teburin, abin da ya makantar da shi ya makantar da ita. ('Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram masu Excel na Faransanci, sunan fomular a wurinku SOMME.SI.ENS, kuma `;` kuke sawa a inda muke sa waƙafi.)

Layi na 274: gero biyu

A ido, "Gero" aka rubuta a gidan B274, kamar sauran. Da na gwada `=LEN(B274)` sai ta ce 5, alhali harrufan gero huɗu ne. Wanda ya buga ya taɓa dogon maɓallin tazara bayan kalmar, tazarar nan kuwa a wurin Excel harafi ce kamar kowane harafi. "Gero" da "Gero " kaya biyu ne daban a wurinsa. Babban baƙi da ƙarami ba su dame shi ba, GERO da gero da Gero duk wuri ɗaya teburin ke zuba su. Tazara ce ba ya yafewa.

Za ka ce to me ya sa ban ga gero na biyun a teburin ba? Tambaya ce mai kyau, ni ma na tsaya a kanta. A ƙa'ida da zai fito a ƙarƙashin na farko, ka ga Gero sau biyu ka gane akwai matsala. Amma teburinka an tace shi: a jerin kaya an sa alama a hatsi biyar kawai, an cire "Buhun banza" da "Dako". Idan aka yi irin wannan tacewar ta hannu, duk sabon suna da ya shigo daga baya, Excel ba ya sa masa alama, a ɓoye yake barinsa. Da na buɗe jerin tacewar sai ga shi nan, Gero na biyu, akwatinsa babu alama. Akwai wurin canja wannan hali a Field Settings, sunansa Include new items in manual filter. Ni ina kunna shi a duk teburin da na tace, gara baƙon suna ya fito ya ɓata min tsari in gan shi, da ya ɓuya da kuɗi.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin kaso a wannan ciwo. A fayil ɗinka na ga "Gyaɗa" da "Gyada", ɗaya da lanƙwasa ɗaya babu, ya danganta da wanda ya zauna a kan na'urar da kuma madannin da ya yi amfani da shi. Kaya biyu ne a wurin teburin. Haka sunayen abokan ciniki: Alhaji wane yau, Alh. wane gobe, bashin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Maganin da ke ɗorewa shi ne a daina buga sunan kaya da hannu. A sa Data Validation a ginshiƙin, a zaɓi List, mai shigar da ciniki ya riƙa zaɓa daga jeri.

Layi na 298: lambar da ba lamba ba

Wannan ya fi sauran wayo, domin layin yana cikin teburin, an ƙirga shi, buhunansa uku ma an tara su, kuɗinsa ne kawai ya zama sifili. `=ISNUMBER(E298)` ta ba ni FALSE. Abin da ke gidan rubutu ne mai kama da lamba. Da alama an kwafo shi ne daga saƙon waya ko na banki, ya taho da wata tazara ta musamman a bayansa, wadda lambarta a Excel CHAR(160) ce. Ita wannan ko TRIM ba ta cire ta, domin TRIM tazarar madanni ta yau da kullum kawai take sharewa. Ga gida ɗaya, kada ka wahalar da kanka, goge shi ka sake buga 192000 da hannu.

A al'ada Excel yakan jingina lamba a dama, rubutu a hagu, kuma da wannan kaɗai za ka tsinci irin wannan gida da ido. A shafinka an daidaita ginshiƙin kuɗi a tsakiya don ya yi kyau, sai alamar ta ɓace. Shawarata ita ce a bar ginshiƙin kuɗi yadda Excel ya ajiye shi. Kuma tun da kuna da buhu da farashi, babu dalilin buga kuɗi da hannu, `=C298*D298` ta wadatar, kuma abin da ta fitar lamba ne ko da yaushe, in kuwa akwai datti a buhu ko farashi za ta yi ihu da #VALUE! ka gani.

Da a ce da wannan dattin a ciki aka fara gina teburin, da Excel ya ba ku Count of Kudi a maimakon Sum of Kudi, domin haka yakan yi idan ya tarar da rubutu a ginshiƙi, kuma da kun lura tun ranar. Amma an gina shi lokacin da ginshiƙin ke da tsafta, ya zauna a kan Sum, daga baya dattin ya shigo, shi kuwa ya ci gaba da tsallake shi shiru.

Na gyara su ɗaya bayan ɗaya, ina danna Refresh bayan kowanne, kuma haka nake so ka riƙa yi. Da na faɗaɗa iyaka, teburin ya koma ₦1,888,000. Da na cire tazarar B274, ya koma ₦2,203,000. Da na sake buga E298, ya sauka a ₦2,395,000. Kowane gyara ya motsa lambar da daidai abin da na yi tsammani. Idan ka gyara komai a lokaci ɗaya lambar ta zo daidai, ba za ka san ko kuskure biyu ne suka rufe wa juna asiri ba.

Idan teburin ne ya fi yawa

A naka teburin ne ya gaza. Idan wata rana shi ne ya ɗara kalkuleta, to zargin ya juyo kanka: yana ganin abin da kai ba ka gani. Abin da ya fi jawo haka shi ne layukan da aka ɓoye ko aka tace a shafin ciniki. PivotTable ba ruwansa da Filter ɗin da ka sa a shafin, ɓoyayye da bayyananne duk ɗauka yake. Kai kuwa abin da ke gabanka kake tarawa, kuma jimlar da ke fitowa a ƙasan allo idan ka zaɓi gidaje a shafin da aka tace, ta waɗanda ake gani ce kawai. Na taɓa ɓata rabin yini a wani shagon sayar da taki ina neman kuskuren teburi, ashe wani ya ɓoye layuka shida na kayan da aka ce an soke cinikinsu, a zatonsa ɓoyewa gogewa ce. Lambobin layi na gefen hagu ne suka tona, na ga sun yi tsalle. Tun daga ranar, kafin in tsamo layi ko ɗaya sai na share duk tacewa na kuma yi Unhide. Idan kana son ganin bambancin da idonka, `SUM` tana tara komai, `SUBTOTAL(109,…)` kuwa abin da ke bayyane kawai take tarawa. In suka saɓa, akwai abin da ke ɓoye.

Na biyu shi ne wata ba tare da shekara ba. Idan aka haɗa kwanaki da Group aka zaɓi Months kaɗai aka bar Years, Maris na bara da na bana gida ɗaya za su faɗa. Yanzu bai shafe ka ba tun da daga Janairu fayil ɗin ya fara, amma baɗi zai shafe ka. Na uku shi ne layin "Jimla" da wani ya saka a tsakiyar bayanai a ƙarshen kowane mako, teburin ya ɗauke shi kamar ciniki, babbar jimla ta kusa ninkawa.

Akwai kuma inda ku biyun layuka ɗaya kuke kallo, amma ba lissafi ɗaya kuke yi ba. Tun da na ce a riƙa fitar da kuɗi daga buhu da farashi, wani zai ce bari in yi shi a cikin teburin da Calculated Field, Buhu sau Farashi. Kada ka yi. Shi ba layi-layi yake ninkawa ba, tara buhunan yake yi, ya tara farashin, sannan ya ninka jimlolin biyu. A geronka zai ninka buhu 38 da 443,000, ya ba ka ₦16,834,000. Wannan aƙalla ya yi girman da kowa zai gane. Wanda ke wucewa ba a lura ba shi ne matsakaicin farashi. Average of Farashi zai ba ka kusan ₦63,286, domin farashi bakwai ya tara ya raba da bakwai, bai damu da cewa a ɗaya buhu 10 aka sayar a wani buhu 2 ba. Ainihin abin da buhu ya tashi muku shi ne ₦2,395,000 a raba da 38, kusan ₦63,026. Duka lissafin daidai ne, amma na biyun ne Yaya ke nufi idan ya tambaya nawa gero ya tashi.

Wane gida za a gwada

Sa'a ka yi da ka zaɓi gero na Maris. Da geron Janairu ka gwada, da ya zo daidai, ka rufe fayil hankali kwance alhali layi 12 na waje. Gwajin 'yan layuka yana da ƙarfi wajen kama kuskure, amma idan ya zo daidai, abin da ya tabbatar kaɗan ne: wannan gidan ɗaya lafiya yake. Don haka zaɓen gidan shi ne rabin aikin, kuma ni ba na zaɓa da ka. Inda na fi zargi nake nufa.

Nakan ɗauki gida uku. Na farko dole ya ƙunshi layin ƙarshe na shafin, ko wanda ke dab da shi, domin shi ke kama zancen iyaka da Refresh. Na biyu daga kwanakin da wani ne ya riƙe shigar da ciniki ba mai yi kullum ba, nan tazara da saɓanin rubutu suke taruwa. Na uku wanda ke da wani abu na daban, kayan da aka dawo da su, ko ragi, ko cinikin ranar ƙarshen wata. Kowanne ya kasance layukansa ba su wuce goma zuwa sha biyar ba. In sun fi haka, kuskuren yatsanka a kalkuleta zai fi na fayil ɗin yawa. Kuma ka rubuta jimlarka da adadin layukanka a takarda kafin ka kalli lambar teburin, domin ido yakan ga abin da aka riga aka faɗa masa.

Layukan da ka tsamo sun nuna maka irin cutar. Yawan yaɗuwarta kuwa sai an auna fayil ɗin gaba ɗaya, kuma awo uku sun isa:

```
=SUM(E2:E412)
=COUNTA(E2:E412)-COUNT(E2:E412)
=SUMPRODUCT(--(LEN(B2:B412)<>LEN(TRIM(B2:B412))))
```

Ta farko ka gwada ta da Grand Total na teburin bayan ka cire duk tacewar da ke kansa, ita ke kama layukan da ke waje. Ta biyu tana ƙirga gidajen kuɗi da ke ɗauke da rubutu: COUNTA na ƙirga duk gidan da ba fanko ba, COUNT kuwa lambobi kawai, don haka amsar da ake so sifili ce. Ta uku tana ƙirga sunayen kaya masu tazarar banza. Ka lura kowacce abu ɗaya take gani. Ta farko za ta iya zuwa daidai cif alhali akwai kuɗi a rubuce da ba a tara ba, domin SUM ma tsallake rubutu take yi, kamar teburin. Kuma Gyaɗa da Gyada babu wadda za ta kama su a cikin ukun, sai ka buɗe jerin sunayen kaya ka karanta da idonka.

Don kada zancen iyaka ya dawo, ka danna cikin shafin ciniki ka buga Ctrl+T, ya zama Table. Ka ba shi suna a Table Name, sannan a Change Data Source ka goge `Ciniki!$A$1:$E$400` ka rubuta sunan. Daga nan duk layin da aka ƙara dab da ƙasansa yana shiga da kansa, Refresh kawai ya rage maka. Shi ma za ka iya sa alama a Refresh data when opening the file a cikin PivotTable Options, ƙarƙashin Data.

Iyakar abin da duk wannan ke tabbatarwa shi ne teburin ya yi daidai da shafin. Ko shafin ya yi daidai da abin da ya faru a rumbu, wannan rasit da ƙirgen buhu ne za su faɗa. Idan an sayar da buhu 6 aka rubuta 5, teburi da SUMIFS da kalkuleta duk za su haɗa baki a kan 5.

A fayil ɗin da ka turo, kafin gyara, awo na biyu ya ba ni 3. Ɗaya shi ne E298 da muka gani. Sauran biyun suna E147 da E361, masara da wake, ban taɓa su ba domin gara ka duba rasit ɗinsu kafin a sake bugawa. Awo na uku ya ba ni 4, ban da B274 akwai B88 da B190 da B322. Geron Maris za ka iya kai wa Yaya a ₦2,395,000, buhu 38. Sauran kayan ka ce masa ya ɗan dakata har ka gyara waɗannan gidaje biyar da gyaɗar nan, ka sake Refresh.